Gem daga Amurka, Dubai ko Japan: wanne zai zauna lafiya da wutar Sakkwato?

Ɗan yayata yana da ɗan gidan gem a Mabera, talabijin uku da benci biyu. Wata ranar Asabar ya shigo shagona na gyara da baƙin akwatin wuta na Xbox 360 a cikin leda, yana ta warin ƙonanniyar roba. Ya ce, "Kawu, ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ina sa ta a soket na ji fas, hayaƙi ya fito." Wani abokinsa ne ya aiko masa da na'urar daga Amurka, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Da ya ga filoginta mai falallen haƙora biyu ya ƙi shiga soket ɗinsa, sai ya je kasuwa ya sayo ɗan farin adafta, ya haɗa, ya kunna.

Na juya akwatin na nuna masa rubutun da ke ƙasansa. Layin da ya kashe masa kuɗi ga shi nan ɓaro-ɓaro: INPUT 100-127V. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya 230V ce. Adaftan da ya saya ba ya rage komai, tagulla ce kawai a cikin roba mai canza siffar haƙora. Wato shi da kansa ya buɗe wa wuta ninki biyu ƙofar da filogin ya rufe masa.

Bayan mako biyu ya dawo da wata tambaya. Yana son ƙara na'ura, kuma hanyoyi uku ne a gabansa: abokin nan na Amurka, wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai, da wani mai kawo tsofaffin PS2 na Japan. Abin da na gaya masa shi zan shimfiɗa a nan, don tambayar da mutane suka fi yi, wato "daga wace ƙasa ce?", ita ce ta biyu. Ta farko ita ce me aka rubuta a inda wuta ke shiga.

Abu biyu ne suka bambanta tsakanin ƙasashe, kuma mutane na cakuɗa su. Na ɗaya siffar filogi. Na biyu ƙarfin wutar da ke cikin waya, wanda ake rubutawa da harafin V. Siffar filogi matsala ce ta kuɗin waya ɗaya. Ƙarfin wuta kuwa shi ke ƙona kaya. Amurka da Kanada suna kan 120V, Japan tana kan 100V, kuma dukkansu filogi mai falallen haƙora suke amfani da shi. Ingila da Dubai suna kan 230V da filogi mai haƙora uku masu kusurwa, irin namu sak, don daga Turawan Ingila muka gaji tsarin. Faransa da Jamus ma 230V ne, sai dai filoginsu mai zagayayyun haƙora biyu ne, irin wanda kake gani a kayan da ke shigowa daga Birnin Ƙonni ta Illela. Saudiyya, inda alhazai da masu umara kan yi tsaraba, ita ma yanzu 230V ce da filogi irin namu.

Akwai lamba ta uku da za ka gani, 50Hz ko 60Hz, wato sau nawa wutar ke hawa da sauka a cikin daƙiƙa ɗaya. Mu muna kan 50, Amurka da Saudiyya suna kan 60, Japan ta rabu gida biyu, gabashinta 50, yammacinta 60. Wannan yana damun injin da ke da mota, kamar fanka, amma na'urar gem tana mayar da wutar zuwa irin ta batir kafin ta yi aiki da ita, don haka ba abin tayar da hankali ba ne a nan.

To ta yaya za ka karanta rubutun? Idan na'urar tana da akwatin wuta a tsakiyar waya, wanda muke kira fawafak, to a jikinsa za ka duba, ba a jikin na'urar ba. Idan waya ce kawai ke shiga bayanta kai tsaye, duba takardar da ke manne a baya ko a ƙasa. Nemi kalmar INPUT. Idan ka ga 100-240V, ko'ina a duniya za ta yi. Idan ka ga 220-240V ko 200-240V, tamu ce. Idan ka ga 100V, ko 120V, ko 100-127V kaɗai, cire hannunka daga soket. Kar ka ruɗe da layin OUTPUT, wannan abin da fawafak ɗin ke bai wa na'ura ne, za mu dawo kansa.

Sababbin na'urori sun sauƙaƙa rayuwa. Xbox One S, Xbox One X da Xbox Series X da S duk suna da sashen wuta a cikin cikinsu wanda ke karɓar 100 zuwa 240. Cajar Nintendo Switch ta asali ma 100-240V ce, ko daga Japan aka sayo ta. PS4 da PS5 su ma a ciki sashen wutarsu yake, kuma mu masu buɗe su mun san yana ɗaukar tamu da ta Amurka duka. Sai dai nan akwai abin da ke rikita mutane: a wasu, takardar waje tana ɗauke da wutar ƙasar da aka sayar da ita kaɗai. Ni idan aka kawo mini irin wannan, ba na cewa "ai duk ɗaya ne" in cusa a soket. Ina duba lambar samfurin, wadda ke farawa da CUH a PS4 ko CFI a PS5, in tabbatar da abin da aka rubuta a kan sashen wutar kansa. Kai ma idan takardar waje ba ta nuna 240 ba, kai wa mai gyara ya duba maka kafin kunnawar farko. Aikin 'yan mintuna ne.

Tsofaffin su ne masu haɗari, kuma su ne suka fi yawa a gidajen gem namu. Xbox 360 da Xbox One ta farko, ta shekarar 2013, fawafak ɗinsu na yanki ne: ko 100-127V ko 200-240V. Nintendo Wii ma haka. PS2 babba, mai kauri, ta fi su muni, don sashen wutarta a ciki yake kuma na ƙasa ɗaya ne. Wayarta mai kai kamar lamba takwas ce, irin ta rediyo, kuma duk wayar rediyo za ta shiga. Wato babu ma abin da zai hana ka. Ka ɗauki wayar da ke gida, ka sa, ta tashi aiki. PS2 siririya mai lamba SCPH-70000 da 'yan uwanta kuwa fawafak ɗinta na asali 100-240V ne, shi ya sa wani zai rantse maka cewa tasa ta Japan ce kuma ba ta taɓa ƙonewa ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba irin taka ba ce.

Yanzu mu koma kan zaɓi ukun.

Ta Dubai, ko ta Ingila, ba ta da dogon bayani. Wuta ɗaya, filogi ɗaya, ka fitar daga kwali ka sa a bango. Idan farashin bai yi nisa da na sauran ba, ita nake zaɓa wa duk wanda ba ya son ciwon kai, musamman gidan da yara ne za su riƙa haɗawa da cirewa. Abu ɗaya dai: kasuwar Dubai tana tara kaya daga ko'ina, don haka sayen abu a can ba ya nufin don can aka yi shi. A sa mai sayowa ya ɗauki hoton takardar baya ya turo kafin ya biya.

Ta Amurka, idan sabuwa ce irin PS5 ko Xbox Series kuma an tabbatar tana karɓar 240, matsalarta waya ce kawai. A nan ma akwai zaɓi biyu, kuma ba daidai suke ba. Za ka iya sa adafta a kan filogin Amurka, ko ka ajiye wayar gaba ɗaya ka sayi wata mai kan lamba takwas da filogi mai haƙora uku. Na biyun ya fi ta kowace fuska. Wayar Amurka galibi 125V aka rubuta a filoginta. Adaftan kasuwa kuma ba ya riƙe falallen haƙora da kyau, nauyin waya yana janye shi, sai ya riƙa tartsatsi a ciki. Alamarsa ka ji ƙara-ƙara idan an taɓa wayar, ko ka ga robar ta yi ruwan ƙasa a bakin rami, ko na'ura ta mutu ana tsakiyar wasa. Yankewar wuta irin wannan tana iya lalata abin da na'ura ke adanawa a lokacin.

Filogi mai haƙora uku yana da wata fa'ida da ba a kula da ita: akwai fis a cikinsa. PS5 ta farko, mai faifai, an rubuta mata wat 350. Raba 350 da 230, za ka samu kusan amfiya ɗaya da rabi, wato 1.5A na wutar da ke bi ta cikin waya. Fis mai 3A ko 5A shi ya dace da siririyar waya irin wannan, ba mai 13A ba, don aikin fis shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Duba jikin wayar da za ka saya ka ga 250V. Ka kuma ɗaga ta a hannu. Wadda ba ta da nauyi, mai laushi kamar igiyar takalmi, tagullar cikinta ba ta da yawa. Kuma idan fis ya tsinke, don Allah a bar naɗa masa takardar sigari ko zaren waya.

Ta Turai mai zagayayyun haƙora biyu wutarta daidai take da tamu, don haka ba za ta ƙone ba. Amma al'adar nan ta tura murfin biro ko makulli a ramin sama don a buɗe na ƙasa a cusa filogin, ita ma tartsatsi take haifarwa, don zagayayyen haƙori ba ya zama daram a rami mai kusurwa, kuma yana buɗa bakin soket har filogin kirki ma ya daina kamawa. Maganin ɗaya ne, a canza waya.

Sai mai wahalar, wato na'urar da takardarta ta ce 100 ko 120 kaɗai. Nan ne ake buƙatar lissafi, kuma Xbox 360 ta ɗan yayata ta isa misali.

Da na buɗe fawafak ɗinsa, fis ya tsinke, kafasito, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, ya kumbura ya tsage. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wutar 120V, idan ta kai ƙololuwarta, tana taɓa kusan 170. Tamu ta 230 tana taɓa kusan 325. Kafasiton da aka yi don na farko ba ya jure na biyu. Sa'ar da ya yi, ɓarnar ta tsaya a fawafak, na'urar kanta ba ta ji komai ba. Hakan ne ya fi faruwa idan akwatin wutar a waje yake, kodayake ba kullum ba.

Hanya ta farko ita ce a sayi wani fawafak mai 200-240V. A nan ne layin OUTPUT ke da amfani, don dole abin da sabon ke fitarwa ya dace da na tsohon. Babbar Xbox 360 ta zo da fawafak iri uku: mai wat 203, mai 175, da mai 150. Nasa mai 203 ne, an rubuta 12V da 16.5A. An yi bakin wayar da tsagi ta yadda babban fawafak zai shiga na'urar da ke buƙatar ƙarami, amma ƙarami ba zai shiga mai buƙatar babba ba. Na taɓa ganin wanda ya fere tsagin da reza don ya shiga. Ya shiga kuwa, amma da wasa ya yi zafi sai fitilar fawafak ta koma ja, na'ura ta mutu. Fitilar nan ma alama ce mai kyau: ruwan lemo tana jira, kore tana aiki, ja akwai matsala. Siririyar Xbox 360 bakin wayarta daban ne gaba ɗaya, don haka ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, kar ka dogara da kwatance.

Hanya ta biyu ita ce taransifoma mai rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun. Tana karɓar 220 ta fitar da 110. Da ɗan yayata ya saye ta tun farko, da fawafak ɗinsa yana nan. Girmanta shi ne abin lura. Fawafak mai fitar da wat 203 yana jan fiye da haka daga bango, don wani kaso yana tafiya a zafi. Ni ninkawa nake yi in ɗan ƙara, saboda lambar da ke jikin taransifomar kasuwa sau da yawa ta fi ƙarfinta na gaskiya, ga kuma zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a inuwa. Don haka ga wannan na'ura mai wat 500 zan saya, ba mai 200 ko 300 ba. Babbar PS2 kuwa abin da take ci bai wuce wat 50 ba, mai 100 ko 150 ta ishe ta.

Akwai wani tarko a nan. Ana sayar da wani ɗan ƙaramin abu na matafiya, marar nauyi, da aka rubuta masa wat 1600 ko 2000. Wannan ba taransifoma ba ce. Yana yanka wutar ne gunduwa-gunduwa, kuma don dutsen guga da abin busar da gashi aka yi shi. Na'urar gem ba ta jure shi. Taransifomar gaske ƙarfe ce da tagulla, mai wat 500 sai ka ji nauyinta a hannu kamar ka ɗauki bulo. Idan abu ya shiga aljihu kuma ya ce zai ɗauki wat dubu, bar shi a kan tebur.

Ko taransifomar kirki tana da wani rauni da ya shafe mu musamman: rabawa biyu kawai take yi, ba ta san abin da ya dace ba. Idan wutar gari ta zo 230, za ta ba ka 115, lafiya lau ga kayan Amurka. Idan da yamma kowa ya kunna fanka da firji wuta ta faɗi zuwa 170, za ta ba ka 85, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi. Idan ƙaramin janareto ya haukace ya kai 260, za ta ba ka 130. Ga na'urar Japan kuwa, wadda 100 take so, ko 115 ɗin ya ɗara abin da aka yi ta dominsa da kashi 15 cikin ɗari. Da yawa suna jurewa, amma suna ƙara zafi, kuma tsohuwar PS2 da ta haura shekara ashirin kafasitocinta sun riga sun gaji. Shi ya sa na ce wa ɗan yayata ya bar babbar PS2 ta Japan, sai dai idan mai gyara zai canza mata sashen wuta da na wata irinta mai 220-240V, wanda aiki ne mai yiwuwa idan an samu samfurin da ya dace.

Wasu sitabilaiza suna da rami na musamman da aka rubuta wa 110V. Wannan ya fi taransifoma zalla, don ana daidaita wutar kafin a rage ta. Amma duba littafinsa ko jikinsa, don ramin 110 ba lallai ya ɗauki cikakken ƙarfin da aka rubuta wa sitabilaizan ba. Kuma ramukan biyu suna kusa da juna, sau da yawa siffarsu ɗaya. A gidan gem inda yaro zai zare waya don ya sa cajar wayarsa, sannan ya mayar da ita inda hannunsa ya kai, rana ɗaya ta isa. Wannan ne babban dalilin da ya sa na fifita canza fawafak a kan kowace irin taransifoma. Idan ka canza fawafak, kuskuren ya zama ba zai yiwu ba. Idan taransifoma ce, kullum yana nan yana jiran wanda bai sani ba. In dole ce ta sa, a naɗe filogin da jan salatif, a ɗaure shi da taransifomar yadda ba za a raba su ba, a rubuta 110 da babban baƙi.

Wani abin da ake mantawa shi ne sauran kayan da ke cikin kwalin. Mai aikowa daga Amurka, don kyautatawa, yakan haɗo da istanshan mai kare kaya daga tsallen wuta. Abin da ke cikinsa an yi shi ne ya fara aiki idan wuta ta haura ta Amurka, don haka tamu ta yau da kullum a wurinsa tsalle ce. Kana sa shi zai fashe, wani lokaci da wuta. Haka cajar batirin hannun wasa da ƙaramar sifika, kowanne a juya shi a karanta nasa INPUT daban.

Na'ura mai 100-240V tana da wata riba a garin nan da ba a cika faɗa ba. Tunda tana aiki tun daga 100, faɗuwar wuta zuwa 170 ko 180 ba ta cika damunta ba. Abin da ke kashe ta shi ne na sama: lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko aka juya daga janareto zuwa layi, ko wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a unguwa har wasu gidaje suka samu abin da ya doshi 400. Alamar wannan na ƙarshe ita ce ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi. Ka ga haka, zare komai. Sitabilaiza mai maɓallin jinkiri, ko ɗan abin nan da ake sa wa firji mai yanke wuta idan ta yi yawa ya kuma jira kafin ya saki, yana taimakawa ƙwarai. Da damina idan hadari ya taso da tsawa, kashe soket bai isa ba, a zare wayar daga bango, har da ta talabijin, don ta wayar HDMI ma ɓarna tana bi ta shiga.

Ɗan yayata dai ya karɓi PS4 daga mai zuwa Dubai, bayan an turo masa hoton takardar baya. Ita kuma Xbox 360 mun samo mata fawafak na hannu mai 200-240V, wat 203. Kafin in ba shi, na sa mita a bakin wayar na ga 5V na jira yana nan, na haɗa da na'urar, fitila ta tashi daga ruwan lemo zuwa kore, muka bar ta tana wasan ƙwallo awa ɗaya a shagon. Farin adaftan nan kuwa yana cikin durowata, wani lokaci ina sa masa cajar waya.